Faɗin bututun esi a dogon bene: komawar mai da asarar sanyi

Gini a biranenmu yanzu sama yake tafiya. A Kano da Kaduna da Abuja da Yamai, filaza mai hawa huɗu ko asibiti mai hawa biyar sun daina ba kowa mamaki, kuma kusan kowane ɗaki da esinsa irin mai rabe biyu: na'urar da ke hura sanyi a ciki, da injin da ke fitar da zafi a waje. Mai gini ba ya son a ɓata masa fuskar bene da injuna, kuma yana tsoron ɓarayi in an bar su a ƙasa, don haka sai a kwashe su a jera can saman rufi. Ofishin da ke hawan ƙasa sai ya zamana tsakaninsa da injinsa akwai mita 15 ko 18 a tsaye. Ranar da aka gama haɗawa sanyi ya zo, kowa ya gamsu, aka biya kuɗin aiki. Kafin shekara ta zagayo kwamfireso ya tsaya cak. A ɗora wa wutar lantarki laifi, ko a ce kayan jabu ne, a sayo sabo a sa, shi ma ya bi sawun na farko. Sau da yawa laifin yana cikin bututun jan ƙarfen da aka rufe da soso aka manta da shi.

Bututu biyu ne ke haɗa na'urar ciki da injin waje. Siririn shi ke kai gas ciki yana a matsayin ruwa. A cikin na'urar ɗaki ruwan nan yana tafasa da zafin iskar ɗakin, ya koma tururi, kuma wannan tafasar ita ce sanyin da muke ji. Kakkauran bututun shi ke mayar da tururin ga kwamfireso, ya matse shi, fankar waje ta huce shi ya sake zama ruwa, a sake zagayowa. Da gas kaɗai ke wannan zagaye, da zaɓen bututu bai zama abin dogon tunani ba: a sa mai faɗi a huta. Sai dai akwai abokin tafiya, wato man kwamfireso.

Man da ke fita dole ya dawo

Kwamfireso inji ne mai ƙarafa da ke gugar juna, kuma a cikin tukunyarsa akwai man da ke hana su cin juna. Ba shi da yawa. Na ƙaramin esi mai hos ɗaya ko ɗaya da rabi bai kai rabin lita ba, na babban mai hos biyar kuwa lita ɗaya da wani abu ne. Duk lokacin da injin ke aiki, ɗan feshin mai yana bin gas ya fice. Esi mai hos biyar yana zagaya kusan kilo 300 na gas a awa guda. A ɗauka rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na abin da ke fita mai ne: ka ga kilo ɗaya da rabi ke nan a awa, wato kusan duk man da ke tukunyar. Injin yana rayuwa ne domin man yana dawowa daidai da yadda yake fita.

A siririn bututu babu damuwa, domin mai yana narkewa cikin gas mai ruwa su tafi tare. A na'urar ɗaki ake rabuwa: gas ya tafasa ya zama tururi, mai kuwa ba ya tafasa a wannan sanyi, sai ma ya ƙara kauri. Daga nan yana lafe ne a jikin bangon bututu, tururin da ke wucewa a guje yana jan sa. A inda bututu ke kwance jan ba shi da wuya. A inda ya miƙe tsaye, nauyin man yana jan sa ƙasa, tururi yana jan sa sama, wanda ya fi ƙarfi shi ke rinjaye. Duk wanda ya shiga mota ana ruwan sama ya ga irin wannan a gilashin gaba: in mota na gudu sosai ɗigon ruwa sama yake hawa, da direba ya rage gudu sai ya gangaro.

Saboda haka gudun tururi a cikin bututu shi ne maganar. Ƙa'idar da masu aikin suka daɗe suna bi ita ce: a bututun kwance gudun kada ya gaza mita 2.5 a daƙiƙa, a na tsaye kada ya gaza mita 5, kuma da yawa sun fi son ya kai 7 ko 8 don a samu rata. Ta sama kuma in ya wuce mita 15 zuwa 20 sai bututu ya fara ƙara. Ainihin iyakar tana ɗan canjawa da irin gas da irin mai da faɗin bututun, amma wanda ya riƙe waɗannan lambobi ba zai yi nisa da daidai ba. Abin lura shi ne, yawan tururin da injin ke ja iyakacce ne. In ka ba shi bututu mai faɗi, sai ya bazu ya yi tafiyarsa a hankali. Kenan wanda ya ƙara wa bututun tsaye faɗi don kyautatawa, gudun da ke ɗauko mai ya rage.

Na taɓa tsayawa a bayan wata filaza ana yanke irin wannan bututu daga gindinsa, bayan an kwashe gas. Yaron mai gyara yana juya abin yanka, bututu na rabuwa sai mai ya ɓulɓulo, ya bi hannunsa har gwiwa, suka tara robar ruwa suka tare. "Oga, wannan man daga ina?" Ogan ya nuna masa sama da baki. Da suka sauko da kwamfireson suka kifa shi, abin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi, da ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Wanda ya yi aikin farko ba mugu ba ne. Ya ga nisa, ya yi tunanin gas zai wahala, ya sa bututun da ya fi na kamfani faɗi da mataki biyu, ya ma kashe kuɗi fiye da yadda ya kamata.

To me ya hana a matse shi?

Tururi yana gugar bangon bututu, kuma gugar tana cin matsi. Matsin da gas ya baro ɗaki da shi ba shi yake isa bakin kwamfireso da shi ba. Tururin da matsinsa ya ragu ya fi sakwarkwacewa, don haka kowane juyi na injin yana ɗibar gas kaɗan, sanyin da ake samu ya ragu, wutar da ake sha kan kowane sanyi ta ƙaru, injin kuma ya ƙara zafi. Masu lissafi suna auna wannan asara da digiri, domin kowane matsi yana da zafin da gas ke tafasa a kansa. A gas ɗin R410A, a yanayin aikin esi, faɗuwar psi 4 da rabi daidai take da digiri ɗaya, kuma kowane digiri yana cin kusan kashi 3 cikin ɗari na sanyi. Abin da ake nema shi ne asarar kakkauran bututu gaba ɗaya ta tsaya a wajen digiri ɗaya. Gugar nan ba ta ƙaruwa a hankali. In ka sauko mataki ɗaya a faɗin bututu, asarar tana ninkawa fiye da sau biyu.

Bari mu ɗauki gini guda mu bi shi. Esi ne mai hos biyar, wato kusan kilowat 14 na sanyi, mai amfani da R410A. Na'urar ciki tana hawan ƙasa, injin yana rufi, tsakaninsu mita 18 a tsaye da mita 12 a kwance, jimla mita 30. Abu na farko shi ne ƙara lissafin lanƙwasoshi, domin kowace gwiwa tana cin matsi kamar wani yanki na miƙaƙƙen bututu. In an haɗa su, sai mu ɗauki bututun kamar mita 36 ne. Injin mai wannan girma, yana aiki da cikakken ƙarfi, yana jan kusan lita 2.4 na tururi a daƙiƙa. Sai a raba wannan da faɗin cikin bututu a sami gudu.

A bututu mai inci 5/8, gudun ya kai mita 15 da rabi a daƙiƙa. Mai zai hau ko da bai so ba, amma matsi zai faɗi da kusan psi 23, wato sama da digiri 5, kusan kashi 15 na sanyin ya tafi a hanya. Mai gida ya biya kuɗin hos biyar yana samun aikin huɗu da ɗan kai. A ɗaya gefen, bututu mai inci ɗaya da 1/8 ba ya cin fiye da psi ɗaya da ɗan wani abu, amma gudun ya sauko mita 4 da rabi, ƙasa da iyakar hawan mai. Biyu suka rage a tsakiya. Inci 3/4 yana ba da gudun mita 10 da asarar psi 8 da rabi, kusan digiri biyu. Inci 7/8 yana ba da gudun mita 7 da ɗan kai, da asarar da ba ta kai psi 4 ba. In injin irin na da ne, mai gudu ɗaya, wanda ko dai yana aiki da dukkan ƙarfinsa ko yana kashe, to 7/8 ya cika sharuɗɗan biyu, magana ta ƙare.

Injin inbata ya canja lissafin, kuma a nan ne nake ganin ko ƙwararru suna tuntuɓe. Inbata yana rage gudunsa in ɗaki ya yi sanyi, shi ya sa yake rage shan wuta. A daren hunturu, ko a ɗakin kwamfutoci da ba a kashe esinsa dare da rana, yana iya shafe awanni yana aiki da rabin ƙarfi ko ƙasa da haka. Rabin ƙarfi rabin tururi ne, rabin gudu. A bututun 7/8 gudun ya koma ƙasa da mita 4, mai ya tsaya a hanya. A 3/4 kuwa yana nan a mita 5. Don haka tambayoyin biyu ba a lokaci ɗaya ake yin su ba. Asarar matsi ana auna ta a tsakiyar ranar Afrilu, lokacin da injin ke ba da duk abin da yake da shi. Hawan mai ana auna shi a lokacin da injin ya fi lafawa.

Mafita a misalinmu ita ce a haɗa biyun: sashen tsaye mai mita 18 a sa masa 3/4, sashen kwance a sa masa 7/8. A kwance, ko da rabin ƙarfi gudun ya wuce mita 2.5 da ake buƙata. Asarar gaba ɗaya ta zama kusan psi 6, digiri ɗaya da rabi, wato kusan kashi 4 ko 5 na sanyi. An ɗan wuce abin da ake so, kuma da gangan aka wuce. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, domin kashi 4 na sanyi ana iya cike shi tun wajen zaɓen girman esi, kwamfireso kuwa in ya tafi sai sabo. Sashen kwancen a ɗan karkata shi zuwa wajen injin, kamar rabin santimita a kowace mita, kuma a tallafe shi da kyau kada ya yi ciki a tsakiya inda mai zai kwanta.

Kafin duk wannan lissafi akwai littafin da ya zo a kwalin esi, wanda galibi ake jefarwa tare da leda. A cikinsa kamfani ya rubuta iyakar tsawon bututu, da iyakar tazarar tsaye, da faɗin da ya yarda da shi. Ƙananan esi na bango galibi tazarar tsayensu ba ta wuce mita 10 ba, wasu ƙasa da haka, wasu kaɗan su kai 15. Manya irin na misalinmu sukan kai mita 30. Kamfanoni da yawa na inbata sun hana a taɓa faɗin bututu kwata-kwata, domin kwakwalwar injin tana ƙara gudu lokaci-lokaci don ta kwaso mai, kuma an tsara hakan a kan faɗin da suka rubuta. Inda littafi ya yi magana, shi ake bi. Lissafin namu yana aiki ne inda littafin ya ba da zaɓi tsakanin faɗi biyu, kuma yana taimaka wa mutum ya gane dalilin iyakar. Esi mai hos ɗaya da rabi da aka ɗora injinsa mita 18 sama, babu faɗin bututun da zai cece shi. Ko a sauko da injin kusa a kan ƙarfen bango, ko a sayi irin wanda aka ƙera don dogon bene.

Tarkon mai

A gindin bututun tsaye akan yi wata lanƙwasa mai siffar harafin U, ana kiranta tarkon mai. Man da ya gangaro yana taruwa a ciki ya rage hanyar tururi, tururin ya ƙara gudu a wurin ya fasa man ya ɗauke shi sama. Tana kuma hana man da ke jikin bututu komawa cikin na'urar ɗaki in an kashe esi. A dogon hawa, tsohon tsari shi ne a ƙara wata a kowace mita 5 ko 6, don in wuta ta ɗauke man ya tsaya a tarko mafi kusa maimakon ya koma har ƙasa. A wurinmu da wuta ke zuwa ta koma sau da yawa a yini, wannan yana da ma'ana, domin a lokacin tashi ne kwamfireso ya fi watsar da mai, kuma in bai samu ya yi aiki na ɗan tsawon lokaci ba man ba ya samun dawowa.

Amma tarko yana da iyakarsa. Dole ya zama ƙarami, gwiwoyi a manne da juna, domin babban tarko yana riƙe man da injin ke buƙata, sannan wata rana ya watso shi gaba ɗaya cikin kwamfireso, wanda ba a yi shi don matse ruwa ba. Kowane tarko yana ƙara cin matsi. Kuma ba ya gyara bututun da ya yi faɗi da yawa: man zai tashi daga tarko, ya yi ɗan nisa, ya sake silalowa. Wasu kamfanonin sun ce a sa, wasu sun ce kada a sa a injunansu, musamman manyan tsare-tsaren VRF da ke da na'urar raba mai a cikinsu. A manyan injunan da ƙarfinsu ke sauka ƙwarai akwai dabarar bututu biyu a tsaye, ƙarami da babba. In aiki ya lafa, mai ya cika tarkon da ke gindin babban ya toshe shi, tururi duka ya bi ƙaramin a guje. In aiki ya tashi, matsi ya buɗe babban su yi aiki tare. Dabara ce mai kyau, amma da wuya esin ofis ya buƙace ta.

In injin ne a ƙasa

A juya ginin: injin a tsakar gida, ɗakin a hawa na biyar. Yanzu tururi da mai gangarowa suke yi, batun hawan mai ya kau. Nauyin ya koma kan siririn bututu, domin ruwa ne zai hau mita 18. Ruwan R410A yana cin kusan psi 1.4 a kowace mita ta hawa saboda nauyinsa kaɗai, kuma faɗin bututu ba ya canja wannan. Mita 18 psi 25 ke nan. A ƙara gugar bututun 3/8 a wannan tsawo, kusan psi 19, jimla 44. Haɗarin shi ne in matsi ya faɗi da yawa, ruwan zai fara tafasa tun a hanya, ya isa bawul ɗin da ke raba shi cike da kumfa, sanyi ya ragu ana jin bawul yana huci. Abin da ke kare shi shi ne injin waje yana huce ruwan ƙasa da zafin tafasarsa da digiri 5 ko 6, kuma a wannan gefe kowane digiri yana ɗaukar nauyin kusan psi 9. To 44 ta cinye kusan digiri 5, babu sauran rata, balle in bututun ya bi bangon da ranar Kano ke duka babu rufi.

In aka koma bututun rabin inci, gugar ta sauko ƙasa da psi 4, jimlar ta zama kusan 29, an samu sarari. Kuɗinsa shi ne gas: bututun 3/8 yana riƙe kusan giram 50 a kowace mita, na rabin inci kusan ninkin haka. A mita 30 maganar kilo ɗaya da rabi ce da kusan kilo uku. Gas mai yawa a cikin tsari yana da nasa sharrin, domin in an kashe esi yana komawa ya narke cikin man kwamfireso, da an kunna ya yi kumfa ya kwashi mai ya fice. Shi ya sa dogayen bututu ke buƙatar ɗan hita da ke ɗaure a gindin kwamfireso, kuma shi ya sa ba a ƙara wa siririn bututu faɗi sai lissafi ya tilasta.

Wannan lissafin na injunan da bawul ɗinsu ke wajen na'urar ciki ne. Yawancin ƙananan esi na bango kafilari ko bawul ɗinsu yana cikin injin waje, don haka abin da ke bin siririn bututunsu ya riga ya yi sanyi, ruwa ne gauraye da tururi. Alamarsa ita ce in ka taɓa siririn bututun a bakin injin za ka ji shi da sanyi, kuma dukkan bututun biyu ake rufe wa soso, kowanne da nasa. A irin waɗannan ba a canja faɗin siririn bututu ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne ƙara gas da ma'auni: kamfani ya zuba wanda zai ishi mita 5 ko 7 da rabi, kowace mita bayan haka tana buƙatar abin da littafi ya faɗa, galibi giram 15 zuwa 20 a bututun kwata inci. Da sikeli ake yin wannan, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba.

Yadda ake ganewa

Bututun da ya matse yana tona kansa da wuri, sai dai ana yi masa mummunar fahimta. Ɗaki yana sanyi da safe, da rana ya kasa. Mai gyara ya hau rufi ya sa geji, maimakon ya ga wajen psi 130 sai ya ga ɗari da 'yan kai, ya ce, "Alhaji, gas ya yi ƙasa." Gas bai yi ƙasa ba, matsin ne ya zube a hanya, kuma gejin a ƙarshen hanyar yake. In aka ƙara gas, matsin gefen zafi ya hau, injin ya ƙara shan wuta, ɗakin bai canja ba. Bututun da ya lotse a wajen lanƙwasa da hannu yana ba da wannan alama ita ma, kuma a ƙarƙashin soso ba a ganinsa sai an bi shi da tafin hannu.

Bututun da ya yi faɗi kuwa shi ne mai haɗari, domin geji ba ya nuna komai kuma sanyi yana nan daram. Alamunsa a jikin kwamfireso suke: sautinsa ya ƙara kaushi, jikinsa ya fi da zafi, wutar da yake ja tana ƙaruwa a hankali, ya fara yanke kansa ya huta. Wani lokaci a ji bugu mai ƙarfi jim kaɗan bayan tashi, lokacin da tarin mai ya iso gaba ɗaya. Manyan injuna suna da ɗan gilashin duba mai a gindi, ana ganin yadda yake sauka in aiki ya lafa. Ko bututu daidai yake, abubuwa biyu na yau da kullum suna iya jefa shi cikin wannan hali, wato matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, da yoyon gas. Kowannensu yana rage tururin da ke komawa, don haka a dogon bene wanke matata da toshe yoyo suna cikin abin da ke tsare man injin.

In kwamfireso ya riga ya mutu a irin wannan gini, kada a jefar da shi kafin a tambaye shi. A kifa shi, a tsiyaye man a mazubi mai awo, a gwada da adadin da ke rubuce a jikinsa ko a takardarsa. In abin da ya fito ya gaza sosai, sauran yana cikin bututu da na'urar ɗaki, kuma sabon kwamfireso zai bi hanyar tsohon muddin ba a gyara hawan ba. Bayan an canja bututun tsaye, a hure tsohon man da naitirojin daga sauran sassan, domin sabon injin ya zo da nasa cikakke, kuma gyararren bututu zai kwaso tsohon man mai garin ƙarfe ya zuba masa a kai. A yi waldar ana hura naitirojin a ciki don kada ɓawon ƙuna ya shiga mai, a ja bakyum har geji ya kai maikuron 500 ya tsaya, a auna gas a sikeli gwargwadon tsawon bututun, sannan a bar injin ya yi aiki awanni a jere ana duba wutar da yake ja, har da lokacin da ɗaki ya yi sanyi injin ya lafa.